Wa Ya Ce, Wa Aka Gaya Wa: Yadda Ake Ruwaito Magana a Hausa

A ƙasar Kunci, kamar sauran karkarar arewacin Kano, yawancin ciniki da baki ake ƙulla shi. Aron iri, jinginar gona, bashin taki zuwa kaka, ajiyar hatsi a wurin dillali, ba kasafai ake rubuta su ba. Ranar da saɓani ya taso aka je gaban mai unguwa ko dagaci, abin da ake da shi a hannu shi ne bakin wanda ya ji, ya tashi ya ce wane ya ce kaza. Shaida na iya zama mai gaskiya, bai ƙara ba bai rage ba a niyyarsa, amma ya karkatar da zancen don kawai ya bar "gobe" inda ya kamata ya ce "washegari", ko ya jera "shi" har huɗu ba a san wane shi ake nufi ba. Wannan jagora a kan gyaran irin wannan take, ga mai kai saƙo, da mai ba da shaida, da sakataren ƙungiyar manoma mai rubuta abin da aka tattauna, da ɗalibin da aka ba aikin a aji.

Hanya biyu ce. Ko dai ka ɗauko maganar mutum yadda ta fito daga bakinsa, ka ari muryarsa: Ya ce, "Zan zo." Ko kuwa ka ba da labarinta da taka muryar: Ya ce zai zo. Ta farko ba ta da wuyar gini, wuyarta riƙe kalmomin daidai. Ta biyu ita ce mai aiki, domin da ka karɓi magana ka mai da ita bakinka, "ni" ya zama kai mai ruwaitowa, "kai" ya zama wanda ke gabanka yanzu, "nan" ta zama inda kake tsaye, "yau" ta zama ranar da kake magana. Duk abin da ya dogara da waɗannan huɗun sai an sāke masa zama. Abin da bai dogara da su ba kuwa, a bar shi yadda yake, kuma a Hausa lokacin aikatau yana cikin abin da ake bari.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ran Litinin da la'asar wani manomi a Kunci ya buga wa dillalinsa waya a kasuwar hatsi ta Dawanau, ɗan 'yar'uwarsa yana zaune kusa yana ji. Ga abin da ya faɗa:

"Alhaji, yau ban sami mota ba. Gobe zan aiko maka da gero buhu biyar. In ka sayar, ajiye mini kuɗina, kada ka ba ƙanena. Nawa ake sayar da wake a wajenku?"

Da magariba yaron ya koma gida, uwarsa, wadda ƙanwa ce ga manomin kuma yaya ga ƙanen da aka ambata, ta tambaye shi abin da suka yi da Alhaji. Sai ya ce: "Inna, Kawu ya ce yau bai sami mota ba, gobe zai aika wa Alhaji da gero buhu biyar. Ya ce in ya sayar ya ajiye masa kuɗinsa, kada ya ba ƙanenku. Ya kuma tambaye shi nawa ake sayar da wake a wajensu."

A duba abin da ya motsa. "Ban" ya koma "bai", "zan" ya koma "zai", "mini" ya koma "masa" (wanda ya ce "mishi" ko "mai" bai yi kuskure ba, bambancin karin harshe ne), "kuɗina" ya koma "kuɗinsa". Duk wannan abu ɗaya ne: Kawu ba shi ne mai magana ba yanzu, ba kuma shi ake wa magana ba, don haka ya zama "shi". Alhaji ma, da yake "kai" a waya, ya zama "shi". Akwai wani ƙaramin nauyi da ke hawa kan mai ruwaitowa a nan. "Ni" ba shi da jinsi, mace da namiji duk "ban sami" suke cewa, amma da ka juya magana dole ka zaɓa tsakanin "bai sami" da "ba ta sami", tsakanin "kuɗinsa" da "kuɗinta". Haka mahaɗin da ke tsakanin suna da mai shi yakan fito fili: "buhuna" ya zama "buhunsa", "gonata" ta zama "gonarsa". Wanda ya rubuta "gonansa" ya mai da gona namiji.

"Ƙanena" kuwa bai zama "ƙanensa" ba a bakin yaron, ya zama "ƙanenku", domin ƙanen Kawu ƙanen Inna ne. Wannan bai zo a darasin wakilin suna na aji ba, amma kowane yaro a gida yana yin sa ba tare da an koya masa ba. Sunan dangantaka ma yana bin wanda ake wa magana. "Babana" a bakin wani yakan zama "Kaka" a bakinka, "mijina" ya zama "Baffa".

Yanzu a duba abin da bai motsa ba. "Yau" da "gobe" suna nan, tunda ranar ba ta sāke ba. Lokutan aikatau ma suna nan: abin da ya shuɗe a bakin Kawu ya shuɗe a bakin yaro, abin da ke tafe yana tafe, "ake sayar da" yana nan a lokaci mai ci. Za a iya cewa ai don ranar ɗaya ce. To, mu matsa gaba mu gani.

Washegari da wata guda bayan nan

A ce layin ya yi ta yankewa, Alhaji bai ji rabin maganar ba, sai aka tura yaron Dawanau ran Talata da safe. Ga shi gaban Alhaji: "Alhaji, Kawu ya ce jiya bai sami mota ba, amma yau zai aiko maka da gero buhu biyar. Ya ce in ka sayar ka ajiye masa kuɗinsa, kada ka ba ƙanensa. Yana kuma tambaya nawa ake sayar da wake a nan wajenku."

Wannan shi ke rusa ƙa'idar da wasu ɗalibai ke haddacewa, wai "ka" kullum "ya" yake komawa. A nan "ka" ya tsaya "ka", saboda wanda aka yi wa maganar da farko shi ake wa ta yanzu. Da Kawu ne da kansa ya manta abin da ya faɗa yaron yake tuna masa, "ni" ne zai koma "kai": "Kawu, ai cewa ka yi ba ka sami mota ba, za ka aika masa washegari." Da kuma Alhaji ne ke ba wani labari, "kai" zai koma "ni": "Ya ce zai aiko mini, in ajiye masa kuɗinsa." Ba jadawali ake haddacewa ba. Kowane mutum da ke cikin maganar, ka tambayi kanka: a wannan zaman da muke, shi ne ni, ko shi ne wanda nake wa magana, ko ba ya cikinmu? Amsar ita ke ba ka wakilin sunan. "Mu" ya fi kowanne neman a yi masa wannan tambayar. In shugaban ƙungiya ya ce "mun biya kuɗin taki", ɗan ƙungiya zai ruwaito "ya ce mun biya", bare zai ce "ya ce sun biya", bare mai gaya wa ɗan ƙungiya kuma zai ce "ya ce kun biya".

Ranaku sun gusa da kwana ɗaya: "yau" ta Kawu ta zama "jiya", "gobe" tasa ta zama "yau". Sa'an nan ga wani abu da Hausa ke yi wanda ya kamata a tsaya a kansa. A Kunci yaron ya ce "zai aika", a Dawanau ya ce "zai aiko". Wasalin "o" da ke ƙarshen aikatau yana nuna aikin yana nufo inda mai magana yake, ko inda ya ajiye hankalinsa, kamar yadda Kawu ya ajiye nasa wajen Alhaji a waya. Haka "kai" da "kawo", "koma" da "komo", "saya" da "sayo", "fita" da "fito", "tura" da "turo"; "je" da "zo" ma haka suke tafiya ko da yake ba tushe ɗaya ba ne. Idan wani a Bichi ya ce maka "ka kawo mini gyaɗar nan gida", ka dawo Kunci kana ba da labari, "ya ce in kai masa gyaɗar can gidansa" za ka ce. In ka bar "kawo", mai sauraronka zai ɗauka nan Kunci za a sauke kayan. An sha sauke kaya a inda ba nan aka nufa ba saboda wasali guda.

To, a ce bayan wata guda rigima ta tashi, kuɗin geron sun faɗa hannun da ba a so, aka kira yaron gaban dagaci. Ga yadda zai fara: "Ranka ya daɗe, ran nan Kawu ya ce bai sami mota ba, amma washegari zai aika masa da gero buhu biyar."

"Zai aika" yana nan daram, alhali ranar aikawar ta wuce da wata guda. Nan ne Hausa ta rabu da Turanci. A Turanci, in aikatau na faɗa yana shuɗaɗɗen lokaci, yawanci sai a ja lokacin abin da aka faɗa baya da taki ɗaya, shi ya sa malaman sakandare ke shan fama da ɗalibanmu kafin jarrabawa. Hausa ba ta yin wannan jan. Manyan littattafan nahawun Hausa, na Paul Newman da ya fito a 2000 da na Philip Jaggar na 2001, sun bayyana cewa abin da muke kira lokuta a Hausa ba a kan agogon mai magana kaɗai ake auna su ba, a kan lokacin da zance ya kafa ake auna su. Da ka ce "ran nan ya ce", ka kafa turke a ranar Litinin ɗin, duk abin da ya biyo baya a jikin turken yake ɗaure. "Zai aika" na nufin aikawar tana gaba da ranar da ya yi magana. "Bai sami" na nufin zuwa lokacin bai samu ba. "Ya ce yana da buhu goma a rumbu" na nufin yana da su sa'ad da ya faɗa, ko da yanzu rumbun wayam yake. In kana tsoron a ɗauka har yanzu ne, sai ka ƙara "a lokacin": ya ce a lokacin yana da buhu goma.

Kuskuren da ake yi a nan ya fi fitowa daga waɗanda suka saba fassara daga Turanci. Suna jin kamar "zai" ya yi tsirara, sai su liƙa masa "da": ya ce da zai aika. Wannan wata magana ce dabam. "Da zai aika" na nufin ya yi niyya sa'an nan wani abu ya hana, ko ya fasa. Shaidar da ya faɗi haka gaban dagaci ya sa wa Kawu fasawa a baki, alhali Kawu bai fasa komai ba a waya. In kana son nuna cewa alkawarin bai cika ba, ka ware naka bayanin daga nasa: ya ce zai aika, amma bai aika ba. Rabin farko nasa ne, na biyu naka.

Tunda lokacin aikatau ba ya nuna tazarar da ke tsakanin ranar magana da ranar labari, nauyin duka yana kan kalmomin rana. "Yau" ta koma "ran nan" ko "a ranar", "gobe" ta koma "washegari", "jibi" ta koma "bayan kwana biyu", "jiya" ta koma "kwana ɗaya kafin nan", "bana" ta koma "a shekarar", "baɗi" ta koma "shekara mai biye". A zancen jinginar gona wannan ba wasa ba ne. Mutum ya ce bara, "baɗi zan fanshi gonata". Baɗin tasa ita ce banarmu. Wanda ya ruwaito yau ya ce "ya ce baɗi zai fanshi gonarsa" ya ƙara wa mai riƙe da gonar damina guda kyauta. A rubutu, musamman littafin ƙungiya da za a buɗe bayan shekaru, ni dai shawarata a daina wasa da "washegari" gaba ɗaya, a rubuta ranar da sunanta da kwanan wata.

Umarni da tambaya

Wuri biyu ne siffar magana kanta ke sākewa, ba wakilin suna kaɗai ba. Na farko umarni. Kawu ya ce "ajiye mini", aikatau tsura ba wakilin suna a gabansa. Irin wannan ba ya shiga cikin ruwaya. Dole a sa masa gajeren wakilin suna irin na buƙata, wato in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, a. Shi ya sa yaron ya ce "ka ajiye masa" a Dawanau, "ya ajiye masa" a Kunci. "Zo nan" yakan zama "ya ce in zo", "ya ce ki zo", "ya ce su zo". Hani ya fi sauƙi, tunda "kada" ko "kar" dama da irin wannan wakilin sunan yake tafiya: "kada ka ba" ya koma "kada ya ba".

Sai dai nan rubutun boko yake da rami. Karanta wannan: Ya ce ya ajiye kuɗin. Me aka ce? A baki ba a ruɗewa. In an ja wasalin "ya" na biyu da sauti sama, labari ne, mutumin ya ce ya riga ya ajiye. In an gajarta shi da sauti ƙasa, umarni ne, an ce wa wani ya ajiye. Amma ƙa'idar rubutunmu ta yau da kullum ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka duka biyun fuska ɗaya suke da ita a takarda. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce ka mai da mutumin jam'i a zuciyarka. In abin da ya zo maka "sun ajiye" ne, labari ne. In "su ajiye" ne, umarni ne. Da ka gane wanda kake nufi, sai ka taimaki mai karatu: ka rubuta "ya ce ya riga ya ajiye" ko "ya ce tuni ya ajiye" ga na farko, "ya ce masa ya ajiye" ko, mafi tsabta, "ya umarce shi da ya ajiye" ga na biyu. Wannan gwajin yana kama wani abu kuma. In Kawu ya ce "ni na biya", yana ware kansa daga wasu, ruwayar ita ce "ya ce shi ya biya" ko "shi ne ya biya", jam'inta "su suka biya". Wanda ya yar da "shi" ya rubuta "ya ce ya biya" ya zubar da ainihin gardamar, wadda ba kan an biya ko ba a biya ba take, kan wa ya biya take.

Yaro mai tarbiyya ba lalle ya dubi Alhaji ya ce masa "ka ajiye" ba. Zai fi cewa "Kawu ya ce a ajiye masa kuɗinsa, kada a ba ƙanensa". Wannan "a" na ladabi ne, irin wanda ake sakaya babba da shi, kamar yadda wasu ke cewa "sun ce" alhali mutum ɗaya suke nufi. A wurin saƙo yana da kyau. A wurin shaida yana ɓoye wanda aka ɗora wa nauyi, domin "kada a ba" ya haɗa Alhaji da yaran shagonsa da kowa, alhali Kawu mutum ɗaya ya hana.

Na biyu tambaya. Wadda amsarta i ko a'a ce, "ko" ake sa mata: "Motar ta iso?" ta zama "ya tambaya ko motar ta iso". Muryar tambaya ta faɗi, alamar tambaya ma ta fita, "shin" ba ya biyowa. Masu kalmar tambaya kuwa hanya biyu suke bi. Ana iya barin kalmar, da "ko" ko babu: ya tambaya nawa ake sayar da wake, ya tambaya ko nawa ne buhu. Ana kuma iya musanya ta: "me" ya koma "abin da", "ina" ya koma "inda", "yaushe" ya koma "lokacin da", "yaya" ya koma "yadda", "don me" ya koma "abin da ya sa", "wa" ya koma "wanda". "Ina kuka sauke kayan?" ta zama "ya tambaye mu inda muka sauke kayan". Lura da "kuka" da "muka": siffar da ke bin kalmar tambaya ita ke bin "inda" da "abin da", ba a cewa "inda mun sauke".

A yi hattara da "wanda". "Wa ya karɓi kuɗin?" in ka mai da ita "ya tambayi wanda ya karɓi kuɗin", mai ji zai iya ɗauka an san mai karɓar, shi aka je aka yi wa tambaya. Ka ce "ya tambaye ni wanda ya karɓa", ko "ya tambaya ko wa ya karɓa". A rubutu kuma a raba "ko wa" ɗin nan biyu, don in aka haɗe ya zama "kowa", an mai da tambaya zargin jama'a duka.

Shi wa?

Mu koma gaban dagaci, don sauran rabin shaidar shi ne mai hatsari. In yaron ya bi ƙa'ida kawai zai ce: "Ya ce masa in ya sayar ya ajiye masa kuɗinsa, kada ya ba ƙanensa." Nahawu bai karye ba ko kaɗan. Amma maza uku ne a cikin jimlar, Kawu da Alhaji da ƙane, kuma duk "shi" ne. A ce Alhaji ma yana da ƙane mai zama masa a shago. Ƙanen wa aka hana? Alhaji zai iya cewa shi ya ɗauka nasa ƙanen ake nufi, shi ya sa da ƙanen Kawu ya zo ya miƙa masa kuɗin. Yarabanci yana da wakilin suna na musamman da ke nuna cewa "shi" ɗin nan mai maganar ne da kansa, haka wasu harsunan Afirka ta Yamma irin su Ewe na Gana da Togo. Hausa ba ta da shi, don haka sai mu yi da abin da muke da shi.

Abin da muke da shi kuwa ya isa. Ana jingina suna bayan wakilin sunan: "kada ya ba ƙanensa, shi Kawu", ko "ƙanen shi Kawun". Ana maimaita suna duk inda mai aiki ya sāke: "Kawu ya ce in Alhaji ya sayar, Alhaji ya ajiye wa Kawu kuɗin." Ba daɗin ji, amma ba ruɗu, kuma a gaban shari'a rashin ruɗu ake nema. Hanya ta uku, wadda na fi so in gardamar a kan kalma guda take, ita ce a bar ruwaya a koma ga maganar yadda ta fito: Kawu ya ce masa, "Kada ka ba ƙanena." Nan "na" ya yanke zance. Shi ya sa alƙali a shari'ar saki ko ta bashi yakan matsa wa shaida ya faɗi lafazin da ya ji da kunnensa, duk da cewa mutane da yawa ba sa son maimaita mugun lafazi da "ni", sun fi sakin jiki da "ya ce ya sake ta".

Abin da ba a so shi ne a fara da ɗaya a zarce cikin ɗayan ba sanarwa: "Ya ce zai aika masa da gero, amma kada ka ba ƙanena." Mai ba da labari da baki yakan yi haka, ya sāke murya ko ya nuna da hannu, kowa ya gane. A takarda ba murya. In za ka tsallaka, ka rufe jimlar, ka sāke cewa "ya ce", ka buɗe alamar zance.

Saura kalmomin da ake rataya ruwayar a kansu. "Ce" shi ne mara ɗaukar ɓangare, kuma ba ya buƙatar "cewa" a bayansa. "Ya ce cewa" nauyi ne a kunne. "Cewa" wurinsa bayan faɗa, shaida, bayyana, ji, tabbatar: ya shaida masa cewa bai sami mota ba. "In ji" ba ya ɗaukar lokaci, yana zuwa gaba ko baya, in ji shi, in ji ta, in ji Kawu, shi ya sa masu labarai ke sonsa tare da "a cewarsa". "Wai" fuska biyu gare shi. A bakin ɗan aike ba laifi, "wai ka zo in ji Baba" na nufin saƙo ne ba nawa ba. Amma a bakin shaida ko alƙalamin sakatare, "ya ce wai bai sami mota ba" ya riga ya ɗaga gira, ya nuna mai ruwaitowa bai gaskata ba. In ba ka nufin shakka, cire shi.

Haka duk aikatau da ka sa a madadin "ce" hukunci ne ka yanke. Wasu dole ne, domin kira da gaisuwa da rantsuwa ba sa shiga ruwaya da siffarsu: "Alhaji" na farkon maganar Kawu ya faɗi, "don Allah" yakan koma "ya roƙe shi", "wallahi" ya koma "ya rantse", "a'a" ya koma "ya ƙi" ko "ya musa". Amma Kawu bai rantse ba, bai kuma ce alkawari ba, "zan aiko" kawai ya ce. Yaron da ya gaya wa dagaci "Kawu ya yi alkawari zai aika" ya ɗaure kawunsa da abin da bai ɗaure kansa da shi ba, wanda ya ce "ya yi iƙirarin bai sami mota ba" kuma ya tuhume shi. Da Kawu ya haɗa da "in Allah ya yarda" ko "in na sami mota", wannan sharaɗin sai ya biyo ruwayar da nasa gyaran, "in ya sami mota", domin shi ne zai nuna ko rashin aikawar saɓa magana ne ko ba saɓawa ba.

Ga shaidar yaron in an bi duk wannan: "Ranka ya daɗe, ran Litinin ɗin da la'asar ina zaune Kawu ya buga wa Alhaji waya. Ya ce a ranar bai sami mota ba, amma washegari, wato Talata, zai aika masa da gero buhu biyar can Dawanau. Ya ce in Alhaji ya sayar, Alhaji ya ajiye masa kuɗin. Sa'an nan ya ce masa, 'Kada ka ba ƙanena.' Daga nan ya tambaye shi nawa ake sayar da wake a wajensu. Abin da Alhaji ya amsa ban ji ba, don wayar tana kunnen Kawu."